Wasiƙa Zuwa Ga Matasa Masu Aikin Taimakon Al'umma

Ƙannena,

Na ga yadda kuke haɗa kuɗi a ƙungiyoyinku don yi wa unguwa da ƙauye aiki. Kafin ku sake sayen wani abu da sunan "mun san abin da suke buƙata", ku ji labarin wani famfo da ake kira PlayPump.

A Afirka ta Kudu ya samo asali. Lilo ne mai juyawa da aka ɗora a kan rijiyar burtsatse: yara suna wasa suna juya shi, ruwa yana hawa tanki a sama. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alƙawarin sama da dala miliyan 16, aka sa burin kafa famfo 4,000 don mutum miliyan 10. Ku raba da kanku: famfo ɗaya, mutum 2,500.

Duk ginin a kan zato ya tsaya. An ɗauka yara za su wuni suna wasa. Amma lilo na gaske in ka tura shi sau ɗaya sai ya yi ta juyawa, shi kuwa wannan ruwa yake ɗagowa daga ƙarƙashin ƙasa, da ka saki sai ya tsaya. Yara suka gaji, kuma ba kullum suke nan ba a lokacin da ake neman ruwa, musamman da sassafe. A wasu ƙauyukan Mozambik, mata, har da tsofaffi, su suka koma tura lilon yara suna zagayawa don cika bokiti. Jaridar Guardian ta yi lissafi a 2009 cewa sai yara sun yi wasan awa 27 a rana kafin a cika wancan buri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a wurare da dama akwai famfon tuƙa-tuƙa da ke aiki, aka cire shi ba a tambayi kowa ba. Shi wannan, makanikin gari yana iya kwance shi ya gyara. Sabon kuwa, mai kimanin dala 14,000, in ya lalace sai a jira masu kamfani, wani lokaci watanni. An kuma zaci tallan da za a manna a jikin tanki zai biya kuɗin gyara, alhali ɗan kasuwa ba ya kai tallarsa inda babu masu saye da yawa.

Ba mugunta ce ta jawo wannan ba, kuma masu aikin ba jahilai ba ne. Yini guda a bakin rijiya da ya nuna musu wa ke ɗiban ruwa, da ƙarfe nawa, kuma wa ke gyara. Ku ma in za ku tambaya, kada ku tsaya a zauren mai unguwa, domin ba shi ke ɗaukar jarka ba. Kuma kada ku ce "kuna son kaza?", don kunya ba za ta bar mutum ya ƙi kyauta ba. Ku ce, "Baba, jiya ina kika samo ruwa, kuma me ya fi ba ki wahala?" Sannan ku gwada a wuri ɗaya, ku bar tsohon famfon a inda yake har a wuce rani guda.

Allah Ya yi muku albarka.

Yayanku.