Darasin Kimiyya: Manoma Nawa Ne Za Su Sayi Famfon Rana a Madawa?

Ɗalibai, darasinmu na yau yana kan yadda mai sabuwar sana'a zai ƙiyasta yawan masu sayen kayansa tun kafin ya zuba jari. Za mu ɗauki misalin matasa uku da suke son kafa ƙaramin kamfani a Madawa, su riƙa sayar wa manoman albasa famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Kasuwar da suka sa a gaba ita ce gundumomin Madawa, Buza da Kaita a jahar Tawa. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Yankin nan cibiyar albasa ce, musamman ja ɗin nan ta Galmi da ake lodinta zuwa Gana da Kwadebuwa, kuma yawancin garake da injin fetur ake ba su ruwa. Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, man da ke tsallako iyaka ya yi tsada. Tambayar ita ce mutum nawa ne za su fitar da kuɗi su saya.

Hanya biyu ake bi wajen amsa ta, ƙiyasi daga sama da ƙiyasi daga ƙasa. Ku lura tun yanzu: alƙaluman ƙidayar jama'a da zan kawo na gaskiya ne, sauran kuwa na gwaji ne da muka ɗora a allo don mu ga yadda lissafin yake tafiya.

Ƙiyasi daga sama

A nan ana farawa da babban adadi da hukuma ta riga ta tattara, sai a riƙa rage shi mataki-mataki. Ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012 ta nuna gundumar Madawa tana da mutum kimanin 545,000, Buza 445,000, Kaita kuma 337,000. Jimla ta kusa 1,330,000. Ba kowane mutum ne ke sayen famfo ba, gida ne ke saye, saboda haka za mu raba da bakwai, wanda shi ne kusan yawan mutanen gida guda. Mun samu gida 190,000.

Daga nan sai zato ya shigo. A ce gida ɗaya cikin biyar yana noman rani, gida 38,000 ke nan. A ce rabinsu da inji suke ban-ruwa, ya zama 19,000. A ce ɗaya cikin huɗu yana da halin sayen famfon rana, sai mu tsaya a 4,750. In farashin famfo jaka ɗari uku ne, wato sefa 300,000, kasuwar ta haura sefa biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu.

Lissafin nan bai ci minti goma ba, kuma amfaninsa ke nan: yana nuna maka iyakar da kasuwa ba za ta wuce ba. Amma ku duba inda rauninsa yake. Adadi ɗaya kawai aka ƙirga a zahiri, shi ma ya haura shekara goma. Kashi ukun da suka biyo baya daga kai muka fitar da su, kuma ninka su muke yi da juna, don haka kuskurensu ma ninkuwa yake yi. In kowane ɗaya daga cikin ukun ya ninka gaskiya sau biyu, amsar ƙarshe za ta ninka gaskiya sau takwas. Wani zai ce a sabunta ƙidayar, tunda jama'ar Nijar suna ƙaruwa da fiye da kashi uku cikin ɗari a shekara. Wannan daidai ne ga mai sayar da sabulu ko gishiri. Mai famfo kuwa dole ya yi hattara, domin yawan haihuwa ba ya faɗaɗa fadama.

Ƙiyasi daga ƙasa

Wannan hanya tana farawa da abin da za ka iya nunawa da yatsa. Abu na farko shi ne zaɓen abin ƙirgawa, kuma a nan mafi kyau a ƙirga injinan fetur da ke aiki a bakin rijiyoyi. Wanda ya riga ya sayi inji ya nuna yana da ruwa, yana da fili, kuma ya taɓa kashe kuɗi a kan ban-ruwa.

Ba za a iya zagaya kowace garka ba, sai a ɗauki samfur. Matasan za su fara haɗa jerin wuraren noman rani daga ma'aikatan gona da ƙungiyoyin manoman albasa. A ce sun samu wuri 120. Kada su zuba su a kwando ɗaya, domin ƙasar ba iri ɗaya ba ce. Fadamar Tarka, wadda ta ratsa ta Karofan a gundumar Buza ta gangaro Madawa da Sabon Gida, tana da ruwa kusa da garake jere da juna. Yawancin ƙasar Kaita da tudun Buza kuwa duwatsun Adar ne, noman rani yana taƙaice a kwaruruka irin na Tamaske. Shi ya sa aikin raya karkara na Kaita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya ya fi mayar da hankali ga tare ruwan sama da farfaɗo da ƙasar da ta zaizaye. Saboda haka sai a raba jerin gida biyu, a ce manyan wurare 40 da ƙanana 80, a jefa ƙuri'a a fitar da biyar daga kowane rukuni. Ƙuri'ar tana da muhimmanci, don in aka bar mutum ya zaɓa da kansa, wuraren da ke bakin kwalta zai je, su ne kuwa suka fi inji da kuɗi.

A ce ƙirgen ya ba da matsakaicin inji 150 a babban wuri da 25 a ƙarami:

40 × 150 = 6,000
80 × 25 = 2,000

Jimla inji 8,000. Yanzu sai tacewa, amma kowace tacewa da awo za a yi ta. Ta farko ita ce zurfin ruwa. Famfon da ke zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa ne da taimakon nauyin iska, kuma nauyin iska ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita goma da ɗoriya ko a lissafin takarda. A aikace, daga mita bakwai zuwa takwas famfon yake gazawa. Wannan ne ya sa za ku ga manomi ya haƙa rami ya saukar da injinsa a ciki idan ruwa ya ja baya. In irin wannan famfo matasan suke sayarwa, sai su ɗauki igiya mai alama su auna rijiyoyin, kuma a ƙarshen rani za su auna, lokacin da ruwa ya fi nisa. A ce uku cikin huɗu sun dace, saura 6,000.

Ta biyu, inji ba mutum ba ne. Babban manomi yana iya mallakar biyu ko uku, kuma da wuya ya canza su duka a shekarar farko. In kowane inji uku na mutum biyu ne, masu yanke shawara 4,000 ne.

Ta uku ita ce mafi wuya, kuma a nan nake so ku tsaya sosai. In ka tambayi manomi ko yana son famfon da ba ya shan fetur, zai ce yana so, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wani ma zai amsa ne don kada ya kunyata baƙo. Abin da za a auna shi ne hali. Sai a kai famfon garka, a nuna shi yana aiki tun safe har la'asar, a faɗi farashinsa na gaskiya, sannan a nemi kafin alƙalami, ko da jaka goma ne, wanda za a mayar wa duk wanda ya fasa. A ce cikin manoma 100, sittin sun ce suna so, goma sha biyar suka ajiye kuɗi. Kashi 15 cikin ɗari na 4,000 shi ne 600. A kuɗi, sefa miliyan 180.

Gwama amsoshin biyu

Daga sama mun samu 4,750, daga ƙasa 600. Tazarar ta kusa ninki takwas. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a haɗa su a raba biyu a ce gaskiya tana tsakiya. Wannan ba kimiyya ba ce. Awo biyu da suka saɓa suna gaya maka akwai zaton da ya karye, aikinka shi ne ka nemo shi.

Mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Daga sama mun yi zaton gida 19,000 masu inji, ƙirge ya nuna 8,000, ninki biyu da ɗan ɗori. Dalili mai yiwuwa shi ne mun ɗauki abin da ido ya saba gani a Tarka muka shimfiɗa shi a kan tudun Kaita, kuma mun manta cewa gidaje da yawa aro ko hayar inji suke yi. Sannan lissafin sama bai san zurfin rijiya ba, bai san mai inji biyu ba, waɗannan sun rage rabi, ninki biyu ke nan. Na ƙarshe, mun ce ɗaya cikin huɗu yana da hali, amma masu ajiye kuɗi 15 ne cikin ɗari, ninki ɗaya da kashi biyu cikin uku. Ku ninka ukun: 2.4 × 2 × 1.67, za ku samu kusan takwas. Tazarar duka ta samu bayani.

Kada wannan ya sa ku ɗauka ƙiyasin ƙasa ba ya kuskure. Wuri goma samfur ne ƙarami, kuma jerin wuraren yana iya tsallake sababbin garake. Lokacin tambaya ma yana canza amsa. A watannin Maris da Afrilu albasa tana cika kasuwa, farashi ya faɗi, manomi yana biyan bashin iri da taki. Wanda ya adana tasa a rudu har ta yi tsada bayan wasu watanni, shi ne mai kuɗi a hannu. Gwaji ɗaya a lokutan nan biyu zai ba da sakamako daban. Akwai kuma hanyar duba adadin injinan daga gefe: in inji yana shekara huɗu kafin ya mutu, inji 8,000 suna nufin ana sayen kimanin 2,000 a shekara. A tambayi masu shaguna da makanikai a Madawa da kasuwannin kewaye. In cinikinsu bai kai rabin haka ba, ko ya ninka shi, sai a sake duba ƙirgen.

Ko 600 ɗin ma ba cinikin shekarar farko ba ne. In kowane ɗaya daga matasan uku zai iya kafa famfo goma a wata, kuma lokacin saye wata biyar ne kafin dashe da farkonsa, iyakarsu 150. A kan wannan adadi ya kamata su yi odar kaya, su kuma lissafa bashin da za su iya ɗauka.

Aikin gida

Kamfanin ya yanke shawarar karɓar kuɗi kashi uku, bayan kowace kakar albasa, kuma masu ajiye kafin alƙalami sun tashi daga 15 zuwa 30 cikin ɗari. Ku sake lissafin masu saye da girman kasuwa a sefa. Sannan ku rubuta wane mataki ne zai canza in sun koma sayar da famfon da ake nutsarwa cikin rijiya, da irin awon da za ku yi a garka kafin ku sa masa sabon adadi.