Kyautar tsohon abokin makaranta ta waya: abin da za a yi da wanda ba za a yi ba

Abokin da kuka kwana ɗaki ɗaya a Samaru, kuka ci garau-garau a kwano ɗaya, yau yana Jidda ko Kuala Lumpur, kuma abin da ke aljihunka ba zai aika masa ko hula ba. Wannan ba hujjar yin shiru ba ce. Akwai kyautar da ba ya iya sayen ta ko nawa yake samu a can, wato tsofaffin hotunanku da muryoyin mutanen da kuka yi zamani tare. Kuɗinta bai wuce na data ba, amma tana da ƙa'ida, kuma wanda ya yi mata riƙon sakainar kashi gara ma bai fara ba.

Kada ka tura masa abin da wani ya turo maka. Hoton fure mai ɗauke da "Juma'a Mubarak" da tambarin Forwarded a samansa ba kyauta ba ne. Yana gani ya san mutum hamsin ka aika wa, shi ne na hamsin da ɗaya.

Ka ciro albam ɗin daga akwati ka zaɓi hotuna, kada su wuce ashirin. Zaɓi waɗanda yake ciki, ko waɗanda shi kaɗai zai gane: ƙofar ɗakinku, mai shayin bakin hostel, ranar da kuka fito jarrabawar ƙarshe an rubuce muku riguna, kakin bautar ƙasa. Hoto ɗari ba ya nuna ƙauna, yana nuna ka ƙi zama ka tace ne.

Kada ka ɗauki hoton yana cikin ledar albam, kuma kada ka kunna filasha. Ledar da takardar hoton duk suna ƙyalli, sai ka ga wani farin tabo ya zauna daidai kan fuskar mutum. Zare hoton a hankali. In ya manne da leda, bar shi a ciki, domin ja da ƙarfi yana ɗaye launin gaba ɗaya kuma ba ya gyaruwa. Goge gilashin kyamarar waya da ƙyalle mai laushi, shimfiɗa hoton a kan farar takarda kusa da taga da hantsi, inda akwai haske amma rana ba ta dukansa kai tsaye. Riƙe wayar a saitin hoton, kada ta karkata, in ba haka ba kawuna su fito manya ƙafafu ƙanana. Ga wanda ya manne a leda, akwai manhajar PhotoScan ta Google, kyauta ce: takan sa ka kai wayar kan ɗigo huɗu, ta haɗa ɗaukan ta cire ƙyallin. Bayan kowane ɗauka, buɗe hoton da yatsu biyu ka duba idanun mutanen. In sun yi dishi-dishi, hannunka ya motsa, sake ɗauka.

Kada ka aika su ta hanyar da aka saba tura hoto a WhatsApp. Manhajar tana matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, kuma a hoton taro na mutum goma sha biyar, matsewar nan ce ke mayar da fuskokin layin baya kamar an shafa musu kunu. Danna alamar haɗa fayil, zaɓi Document, ka ɗauko hoton daga nan, zai isa yadda ka ɗauke shi, har ya iya wanke shi ya rataye a bango. Hoto ɗaya na wayar yau yakan kai megabayit uku zuwa huɗu, ashirin ke nan ba su kai ɗari ba. Idan shi ne ke gida yana lallaɓa data kai kana waje, ka gaya masa nauyinsu kafin ya sauke.

Ka rubuta wa kowane hoto bayani: wuri, shekara, da sunayen mutane daga hagu zuwa dama. Shekara ashirin tana cinye suna. Inda ka manta, tambayi wani ɗan ajin kafin ka tura.

Ka nemi muryoyi, nan ne zuciyar kyautar take. Kira mutum huɗu ko biyar da ya shaƙu da su, kowa ka kira shi daban, kada ka jefa sanarwa a zauren 'yan aji inda shi ma yake. Ka gindaya musu sharaɗi biyu. Na farko, kowa ya fara da kiran sunan da ake kiransa da shi a makaranta. Na biyu, kowa ya ba da labari ɗaya tak, na abin da ya faru tsakaninsa da shi, cikin minti ɗaya. In ba ka faɗi haka ba, duka biyar ɗin za su turo gaisuwa iri ɗaya, ya aiki ya iyali Allah ya bar zumunci, a tashi babu abin riƙewa. Amma wanda ya ce, "Ka tuna daren da risho ya ƙi kamawa muka jiƙa gari da ƙuli muka shiga jarrabawa?" ya ba shi abin da zai saurara sau goma. A ce su yi naɗin a ɗaki, a kashe fanka, domin iskarta tana cika makirufo da gurnani. Ka ba su mako biyu, ka tuna musu sau ɗaya. Ka saurari kowace murya kafin ka tura, kuma taka ta zo ƙarshe.

Kada ka tura hoton matar aure ba da izininta ba, ko da a aji ɗaya kuka zauna shekara huɗu. Abin da ya shiga waya ya fita hannunka. Haka labarin tsohuwar budurwa, ko na faɗuwa jarrabawa, ko na bashin da ba a biya ba: mai yiwuwa a gaban matarsa da 'ya'yansa zai kunna saƙon.

Kada ka bar shi ya ji rasuwa daga bayanin hoto. Idan a cikin hotunan akwai wanda ya riga mu gidan gaskiya, kuma ba ka da tabbacin labari ya kai masa, kira shi tukuna ka yi masa ta'aziyya da bakinka. Hoton ya jira wani makon.

Kada ka saya masa katin Google Play a nan don ka ƙara armashi. Katin yana aiki ne a ƙasar da aka saye shi kawai, kamar yadda katin MTN na Najeriya ba ya shiga layin MTN na Gana. Asarar kuɗi ce.

Ka ajiye kwafi a Google Drive, inda kowane mai asusu ke da gigabayit 15 kyauta, domin waya tana ɓata. Bar izinin a kan Restricted ka sa adireshin imel ɗinsa kaɗai. Kuma kada ka jefa masa mahaɗin haka kawai. Masu kutse sun sha ƙwace WhatsApp ɗin mutum su bi abokansa da irin wannan saƙo, saboda haka mai hankali ba zai danna ba sai ya ji muryarka tana cewa kai ne.

Ka lissafa agogonsa. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, Malesiya da awa bakwai. Saƙon da ka tura ƙarfe tara na dare a Kano zai buga wayarsa ƙarfe huɗu na asuba a Kuala Lumpur. Tura da azahar ɗinka, ya same shi bayan ya dawo gida ya ci abinci. Kafin ka tura, duba ko Disappearing messages na kunne a hirarku, ka kashe shi, in ba haka ba aikin mako biyu ya goge kansa bayan kwana bakwai ko ma awa 24.

Kada ka haɗa kyautar da roƙo. Ko neman biza ne, ko rance, ko a sa maka baki a wani aiki, ajiye shi zuwa wani watan. In ka haɗa su a saƙo ɗaya, zai ɗauka don buƙatar ka tono albam ɗin, kuma ba za ka iya ganin laifinsa ba.