Kiɗan Naɗin Sarki da Taken Ƙwallo

Mai sauraronmu daga Maiha ya ce ranar naɗin Sarki Charles a 2023 ya ji wani kiɗa a talabijin: goge na hawa sannu-sannu, can sai muryoyi da kakaki da tambura suka ɓarke lokaci guda. Ya rantse ya san shi a gidan kallon ƙwallo.

Malam, kunnenka bai yaudare ka ba. Sunan kiɗan Zadok the Priest, wanda Handel ya tsara a 1727 don naɗin George na Biyu, kuma tun lokacin duk naɗin sarautar Birtaniya sai an rera shi. A 1992 Tony Britten ya gina taken gasar Zakarun Turai a kansa. Ka kasa kunne ga baitocin: na Handel Ingilishi ne zalla, na ƙwallo kuwa ya haɗa da Faransanci da Jamusanci.