Amsoshin Tambayoyinku: Tsoron masu satar littafi

Malam Sani daga Funtuwa ya aiko da tambaya, yana cewa: “Na rubuta littafin kiwon kaji, ina tura wa masu saye ta WhatsApp. Yaya zan hana su yaɗa shi kyauta?”

To, Malam Sani, gaskiya hanawa kwata-kwata ba za ta yiwu ba, domin littafin da ya sauka a wayar mutum ya fita daga hannunka. Amma kafin ka tura, buga sunan mai saye da lambar wayarsa a ƙasan kowane shafi. Wanda sunansa ke jikin littafi yakan ji nauyin yaɗa shi, in kuwa ya yaɗa, sunan nan zai tona shi. Sannan ka sassauta farashi, ka kuma buɗe zauren amsa tambayoyi na waɗanda suka biya kaɗai, tunda wanda ya samu littafin a bagas ba shi da hanyar shiga zauren.