Haipo da haipa: harafin da ke raba sugan da ya faɗi da wanda ya hau

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin 'yan jinyar da ke zuwa daga Jangebe da ƙauyukan Talata Mafara, wadda ta ishe ni: wai mai ciwon suga ba a ba shi zaƙi ko da rai zai fita. Wannan magana ta kwantar da mutane a gadon asibiti, kuma sau da yawa amsar tana rubuce a katin da ke aljihun ɗan mara lafiyar, wanda ya gama sakandare, yana karanta boko sarai, sai dai ba wanda ya taɓa gaya masa cewa kalmomin likita gaɓa-gaɓa ake haɗa su.

Yawancinsu daga harshen Girka aka aro su. Haipo na nufin ƙasa, wato abu ya gaza yadda ya kamata. Haipa na nufin sama, abu ya wuce kima. A kunne kusan ɗaya suke, balle in ma'aikaci ya faɗa da sauri yana kiran na gaba. A takarda kuwa, inda ake rubuta su hypo da hyper, haruffa ukun farko iri ɗaya ne, sai na ƙasa ya ƙare da harafin o, na sama ya ƙare da e da r. Wurin nan za ka sa ido. Haipatenshan hawan jini ne, awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Haipotenshan faɗuwarsa ce, ƙasa da 90 bisa 60. Gilais zaƙi ne, imiya kuma abin da ke cikin jini, don haka haipagilaisimiya suga ya hau, haipogilaisimiya suga ya faɗi.

Ga yadda abin ke faruwa. Dattijo yana shan ƙwayar gilibenkilamaid, ko yana allurar insulin. Ya sha maganinsa da asuba, bai tsaya karin kumallo ba, ya tafi gonar rani a filayen Bakolori ya kama aiki. Wajen hantsi gumi ya keto masa ko da iska na kaɗawa, hannu na rawa, zuciya na bugawa, yunwa ta murɗe shi, ya fara faɗa da mutane ba dalili, magana tana sarƙewa. Sai a kawo shi gida a ce sugan Baba ya tashi, a dama masa ruwan shuwaka, wani ma ya ƙara masa ƙwaya ɗaya. Alhali makonni kaɗan da suka wuce an rubuta haipo a katinsa. Maganin ne ya ja sugan ƙasa, babu abinci a ciki, aikin ƙarfi ya ƙone ragowar. Ƙara masa ƙwaya a wannan hali na iya kashe shi.

Ku ji ni da kyau, domin a nan ake asarar rai. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye suga, daga jini take ɗiba kowane lokaci. Hawan suga yakan ɗauki sa'o'i ko kwanaki kafin ya kayar da mutum, yana ba da sanarwa da ƙishirwa da yawan fitsari da kasala. Faɗuwar suga cikin mintuna take zuwa. In akwai na'urar gwaji a gida, a gwada: ƙasa da 70 haipo ne, a na'urar da ke ba da ƙananan lambobi kuma ƙasa da 3.9. In allonta ya nuna LO, sugan ya yi ƙasan da ba ta iya aunawa. HI kishiyarsa ce. Muddin yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a jiƙa sukari kimanin giram 15, wato cokalin shayi uku zuwa huɗu, a rabin kofin ruwa a ba shi. Zuma babban cokali ɗaya ma ta yi. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai haura 70 ba a maimaita. Da ya dawo daidai a ba shi abinci mai riƙe ciki, tuwo ko fura ko burodi. In babu na'ura, kuma mai shan maganin suga ne ga gumi ga rawar jiki, a ba shi sukarin. Cokali uku ba za su yi wa mai hawan suga wata babbar illa ba, amma suna ceton wanda nasa ya faɗi.

In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa, ko rubutu, domin huhu zai tafi. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti mafi kusa, a ce wa ma'aikaci da babbar murya yana shan maganin suga, a kuma tafi da kwalin. Ko ya farfaɗo a gida, mai shan gilibenkilamaid sai an kai shi, domin ƙwayar tana daɗewa a jiki, sugan na iya sake faɗuwa cikin dare kowa na barci. In kuma azumi yake, ya karya nan take, babu jiran magariba.

Laifin ba na 'yan jinya kaɗai ba ne. Mu ma'aikatan lafiya muna rubutu kamar tafiyar tsutsa, mu gajarta kalma, mu miƙa kati ba bayani. Minti ɗaya ya isa ka ce wa mutum da Hausa, “Baba, sugan naka faɗuwa ya yi.” Kai kuma ɗan jinya kada kunya ta hana ka tambaya: sama ya yi ko ƙasa? Haƙƙinka ne.

Wata gaɓar kalmar likita da ya kamata ku sani ita ce aitis, wadda ke zuwa a ƙarshen kalma. Ma'anarta kumburi, gaɓar da ke gabanta kuma ita ke nuna wurin. Hefat hanta ce, hefataitis kumburin hanta. Gastiraitis na tumbi ne, ataraitis na gaɓoɓi, kwanjantibaitis na tantanin da ke rufe farin ido, wato afolo. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda wasu masu kemis suka mayar da aitis lasisin sayar da kafso. Kalmar ba ta faɗi abin da ya jawo kumburin ba. Hefataitis B ƙwayar bairos ce, amfisilin da ire-irensa ba sa taɓa ta. Gastiraitis sau da yawa magungunan ciwon jiki ne irin su diklofenak ke jawo shi, ga mutum yana ta sha don ciwon baya, ciki ba komai. Ciwon gwiwar tsofaffi galibi zaizayewar guringuntsi ce, babu ƙwayar cutar da za a kashe.

Haka kuma aitis ba ta faɗin girman haɗari. Afolo yakan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Meninjaitis, wato sanƙarau, kumburin rigar ƙwaƙwalwa da laka, yana iya kashe yaro cikin yini guda, kuma mutanen Zamfara ba su manta annobar da ta fara a jihar nan a ƙarshen 2016 ta shiga 2017 ba. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, ba na kemis ba ne. A kai babban asibitin Talata Mafara a ranar, in sun ce a wuce Gusau a wuce.

Yau da dare ɗauko katin mahaifinka ka duba kalmomin da aka rubuta. Duk wadda ta fara da haipo ko haipa, ka rubuta “ƙasa” ko “sama” a gefenta da biro. In yana shan maganin suga, ka ƙulla masa sukari cokali huɗu a leda ya riƙa sawa a aljihun rigar da yake zuwa gona da ita, ka kuma gaya wa abokan aikinsa amfaninsa.