Amsar Tambaya: Farin Ɗigo a Maƙogwaron Yaro

Malama daga Sabo, Ibadan, farin ɗigo a hangun maƙogwaro kaɗai bai isa a gane cutar ba. In akwai tari da majina, galibi ƙwayar bairas ce, tana wucewa cikin mako, kuma amoksisilin ba ya mata komai. Zazzaɓi da kaluluwar wuya babu tari kuwa na iya zama alamar bakteriya. In ita ce, likita zai rubuta maganin kwana 10, a shanye duka don kare zuciya.

In yaron ya iya furzarwa, ya kurkure maƙogwaro da rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofin ruwan ɗumi. Don Allah kada wanzami ya taɓa belinsa.

Dalalar miyau, kasa buɗe baki ko wahalar numfashi: a zaunar da shi, kada a cusa cokali don dubawa, a garzaya asibitin UCH ko da tsakar dare ne.