Farin gishiri a jikin bangon bulo: wanne ne na gogewa, wanne ne na kiran injiniya?

Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, iskar hunturu ta fara kaɗawa, katangu da bangayen sito a Sharaɗa da Challawa da Bompai sukan fara fitar da wani farin gari kamar an watsa musu toka. Magina kan ce kanwa ce ta taso, wasu su ce gishiri. Mai kamfani kuwa abu ɗaya yake son ji: ginin nan zai faɗi ne, ko ƙazanta ce kawai da fenti zai rufe?

Farin da kansa ba ya rushe gini. Shaida ce kawai cewa ruwa ya bi ta cikin bangon. Bulo yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yakan shiga ya narkar da gishirin da ya tarar, ya biyo da shi har fuskar bango. Iska ta shanye ruwan, gishirin ya zauna, kamar dai farin zanen da gumi kan bari a bayan baƙar riga idan ta bushe. Shi ya sa abin ya fi bayyana da hunturu, ba da damina ba: a watan Agusta bango ya sha ruwa, a Nuwamba busasshiyar iska ta zuƙe shi. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, ruwan daga ina yake zuwa, me ya ɗauko, kuma ya tsaya ko yana nan yana zuwa?

A sabon gini, amsar tana da sauƙi. Siminti idan ya haɗu da ruwa yana sakin farar ƙasa da wasu gishirika nasa na kansa, ga kuma ruwan kwaɓi da na ban ruwa da ya cika bulon. A shekarar farko sai duk su fito, fari-fari a warwatse ko'ina, sama da ƙasa. Wannan a bari bango ya bushe, a sa busasshen burushi mai tauri a goge, a share garin daga gindin bango kada ruwa ya sake mayar da shi ciki. Yakan dawo sau ɗaya ko biyu yana raguwa, daga nan ya ƙare. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo tiyo a wanke. A ranar bango zai yi fes, amma rabin gishirin ya narke ya koma ciki, mako biyu kuma ga shi nan.

Abin da ya bambanta unguwannin masana'antun nan da sauran gari shi ne irin ruwan da ke kwance a gindin bangayensu. Kamfanonin jima a Challawa da Sharaɗa suna karɓar fatun da aka barbaɗe da gishirin ci don kada su ruɓe, sannan a wanke gishirin nan ya bi ruwa. Bayansa kuma akwai farar ƙasa da ake cire gashi da ita, da sinadaran salfet iri-iri da ake gama jima da su. Masu rinin yadi su ma suna zuba gishiri da yawa don launi ya kama. Ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin Getsi ya faɗa Jakara. Kafin ya kai can, yakan ratsa lambatu a gindin katangar wani, kuma inda lambatun ya fashe ko ya toshe, ƙasar wurin ce ke shanye shi. Bangon da ke tsotsar irin wannan ruwa ba gishirin simintinsa yake fitarwa ba, wanda zai ƙare wata rana. Kullum sabo ake kawo masa.

Mu ɗauki misali. A ce kana da sito a Sharaɗa, bangon bulo mai inci tara, ya shekara takwas da ginawa. A bangon baya, wanda lambatu ke bi ta gindinsa, fari ya yi ɗamara tun daga ƙasa har layin bulo na uku, wajen santimita 75, kuma gefensa na sama ya fi kauri, yana lanƙwasa kamar alamar da ruwa kan bari. Sauran bangaye uku lafiya lau. Wannan siffa ita kaɗai ta ba ka rabin amsa: danshi ne ke tasowa daga ƙasa, kuma irinsa da wuya ya wuce tsayin mita ɗaya da 'yan kai. Da farin daga sama yake gangarowa a tsaye, da sai mu duba indararo ko kan katangar da ba a yi wa murfi ba. Da kuma tabo ne zagayayye a tsakiyar bango, da bututun famfo za mu nema a ciki.

Ka fara da garin. Kankare kaɗan a zuba a kofin ruwa. Idan ya narke, gishiri ne mai tafiya da ruwa. Idan ɓawo ne mai tauri da ya ƙi narkewa, ka ɗiga masa ruwan lemon tsami. Idan ya yi kumfa, farar ƙasar siminti ce da ta haɗu da iska ta daskare, alamar ruwa ya daɗe yana ratsa wurin. Idan bai narke ba, bai yi kumfa ba, yana da laushi da warin ruɓa, fumfuna ce, maganinta daban. Tsofaffin magina suna da al'adar ɗanɗanawa da harshe. A nan unguwannin kada ka bari kowa ya yi haka, domin ruwan jima yana ɗauke da kuromiyam, musamman idan farin ya ɗan ja zuwa kore ko shuɗi.

Sai kuma abin da ya fi muhimmanci, wato jikin bulon. Ɗauki ƙusa mai inci huɗu ka karci wurin da farin yake, sannan ka karci layi na shida inda bango yake a bushe, ka gwada. Idan taurinsu ɗaya, ƙusa na zamewa da ƙara, hankalinka ya kwanta. Idan a ƙasa yashi ke zubowa, ƙusa na nutsewa, to gishirin ya daina tsayawa a fuska, a cikin ƙofofin bulo yake daskarewa. Ƙwayoyinsa suna girma suna tura bulon daga ciki, kuma salfet ya fi kowa ɓarna, domin duk jiƙa da bushewa sai ya sake kumbura, sannan yana shiga jikin simintin kansa ya sa shi kumburi. Ƙwanƙwasa filasta da ƙotar guduma: inda ta yi ƙarar fanko, ta riga ta rabu da bango. Duba kuma simintin da ke tsakanin bulo da bulo, ko ya yi laushi ko ya tsage a kwance yana bin layi.

Daga nan ka tsuguna gindin ginshiƙan kankare, domin su ke ɗauke da nauyin rufin sito. Gishirin ci ba ya cutar da bulo sosai, amma shi ne babban abokin gabar rodi. Kankare mai kyau yana kare rodi daga tsatsa, gishiri kuma yana karya wannan kariya. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa girma ninki biyu ko fiye, don haka takan fasa kankaren daga ciki. Alamarta tsaga ce a tsaye kusa da kusurwar ginshiƙi, tana bin rodi daidai, wani lokaci da jan ruwa yana tsatsowa. Idan ka ga wannan, ko ka ga tsagar da ke hawa a karkace kamar matakala tana ƙara buɗewa, ko bango ya yi ciki, ko fiye da santimita biyu na fuskar bulo ya zube a layin ƙasa, to magana ta wuce birkila da mai fenti. Nemi injiniyan gini mai rajista da COREN, ya buɗe ya ga rodin, ya kai garin da ƙasar da ruwan lambatun ɗakin gwaji. Idan sito yana da kaya masu nauyi a kan dekin ko jingine da bangon, a janye su kafin ya zo.

A ce a namu misalin ginshiƙai lafiya suke, filasta ce ta ɓare, layin ƙasa kuma ya ɗan yi laushi a fuska. Gyara yana farawa ne daga waje, ba daga bango ba. A gyara lambatu, a zuba masa kankare, a ba shi gangare. Sannan a nemi difisi, wato shingen da aka shimfiɗa a kan harsashi don tare danshi. Sau da yawa yana nan, amma an yi ta cike harabar da ƙasa da ɓaraguzai shekara da shekaru har ta haura shi, ruwa ya samu gada. A kwashe ƙasar har difisi ya zama santimita 15 a sama da ita, a yi daɓe mai gangarewa nesa da bango. Sai a sassaƙe filasta har santimita 30 sama da inda farin ya tsaya, a bar bulo tsirara ya sha hunturu da bazara, ana gogewa da busasshen burushi duk mako biyu. Idan kana son sanin ya bushe, manna farar leda mai faɗin tafin hannu biyu a jikinsa, ka liƙe gefuna, ka dawo bayan kwana biyu. Idan ka ga raɓa a ciki, da saura. Sai ya bushe a sake filasta da yashi mai tsabta da ruwa mai tsabta.

Na san mai sito ba ya son ganin bangonsa tsirara na tsawon watanni, kuma a nan ne mai tayil da mai fentin mai suke cin kasuwa. Rufe jiƙaƙƙen bango da tayil ko kwalta bai kori ruwa ba, ya dai toshe masa ƙofar fita. Zai hau sama ya ɓullo a kan layin tayil, ko ya juya cikin sito inda buhunanka suke, gishirin kuma ya taru a bayan tayil har su fara faɗowa. Haka nan masu kawo ruwan batir wai zai cinye farin: salfet suke ƙara wa bango. Ɓawon nan mai tauri kaɗai ke buƙatar asid, shi ma asid ɗin wanke gini, kashi ɗaya cikin kashi goma na ruwa ko ma a ƙara tsarma shi. A jiƙa bango tukuna, a zuba asid cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba, a sa safar hannu da tabarau, a ɗauraye sosai, kuma kada ya kusanci ginshiƙi mai rodi.

Wanda zai yi sabon gini a waɗannan unguwanni kuma, ya fara tambayar ruwan da za a yi kwaɓi da shi da wanda aka buga bulo da shi. Rijiyar da ke kusa da lambatun kamfani ba ta kwaɓi ba ce. Ƙa'idar kankare mai rodi ita ce kada kuloraid ya wuce miligiram 1,000 a lita, kuma gwajin ba ya kai kuɗin buhunan siminti kaɗan. Bulon ma a gwada shi kafin a sauke tifa: ɗauki guda uku, a tsayar da su a tire mai ruwa mai tsabta zurfin santimita biyu da rabi, a inuwa, a bari ruwan ya ƙafe, a sake zubawa sau ɗaya. Ɗan fari kaɗan ba komai ba ne. Idan ya rufe rabin fuskar bulon, ko gefensa ya fara marmashewa a hannu, a sauya gidan bulo.